Lacca bayan la'asar: da wace magana za ka buɗe?

Wani ƙanena a wajen aiki, wanda bai fi shekara biyu da fara koyarwa ba, ya same ni a ofis sati uku da fara zangon karatu. An ba shi ƙarfe huɗu zuwa shida na ranar Laraba, kwas ɗin ƙididdiga na 'yan aji biyu, ɗalibai sun kusa ɗari uku, ga shi muna tsakiyar zafin Afrilu.

"Ranka ya daɗe, yaran nan tun takwas na safe suke zaune," in ji shi. "Ina shiga sai in tarar da rabinsu sun kifa kai a benci, sauran suna fifita da littafi. An ce mini in riƙa buɗewa da barkwanci. Na gwada sau biyu, sun yi dariya, da na juya ga allo suka koma inda suke."

Na ce masa, "Malam, zauna. Na riƙe wannan lokacin shekara shida, na san ɗacinsa."

Abin da muka tattauna ranar nan shi nake so in baje a nan, don duk mai shiga zauren lacca a Zariya, ko a Samaru ne ko a Kongo ko a kwalejojin cikin gari, yana da irin wannan rana a jadawalinsa. Laccar da Turanci ake yin ta, amma zan kawo maganganun da Hausa, tunda ginin maganar ne abin dubawa.

Barkwancin ba zan daɗe a kansa ba. Ƙanen nawa ya riga ya ga aibinsa na farko: dariya tana tada mutum, amma ba ta ba shi abin yi, da ta lafa sai ya koma. A zauren mutum ɗari uku kuma ba ta lafawa da wuri, don na baya sai sun tambayi na gabansu me aka ce, su yi tasu dariyar a makare. Aibi na biyu namu ne na gida. Barkwancin da ya fi saurin zuwa bakin malami Bahaushe shi ne wasan Kanawa da Zagezagi, ko na Fulani da Barebari, ko tsokanar wani ɗalibi da ya makara. Ajin jami'a kuwa ya tara mutane daga ko'ina a ƙasar nan, da yawansu ba su san akwai wannan wasa ba, abin da suke ji kawai malam yana muzanta wata ƙabila. Na uku ya fi ɓoyuwa. A 1998 Shannon Harp da Richard Mayer sun ba ɗalibai bayanin yadda walƙiya take samuwa, wasu aka ƙawata musu shi da labarai masu jan hankali waɗanda ba su shafi bayanin ba. Waɗanda aka ƙawata wa sun fi mance ainihin darasin. Abin da ya fi daɗi shi ƙwaƙwalwa take ɗauka a matsayin kan magana.

To, in ba barkwanci ba, me? Hanyoyi huɗu na gwada da kaina. Don kwatancen ya yi adalci, zan ɗora su duka a kan lacca ɗaya, wadda ƙanen nawa zai yi a satin: ƙa'idar ninkawa a lissafin yiwuwa, wato idan abubuwa biyu ba su shafi juna ba, yiwuwar su faru tare ita ce ka ninka yiwuwar ɗaya da ta ɗayan.

Kafin su, akwai wani ɗan lokaci da malamai da yawa suke zubarwa. Idan ka shiga ka yi sallama ko ka ce barkanku da yamma, ajin yakan amsa da murya ɗaya, sai a yi tsit na daƙiƙa biyu ko uku. Wannan shirun kyauta ne, ba za ka sake samun irinsa da sauƙi ba. Mafi yawanmu mukan kashe shi da "a ina muka tsaya?" ko "ina wakilin aji, kawo takardar sa hannu", ko mu sunkuya muna neman igiyar majigi. Duk wadda ka zaɓa cikin hanyoyin nan, a cikin wannan shirun za ka jefa jimlar farko, kana tsaye, kana kallon layin ƙarshe.

Ta farko ita ce mafi sauƙi, kuma ita kowa ya sani: "Abin da za mu yi yau ya fito a jarrabawar bara, maki goma sha biyar." Tana aiki nan take. Za ka ji ƙarar buɗe jakunkuna, wanda ya kifa kai ma maƙwabcinsa zai zungure shi, don ba mai son kariyoba. Sai dai biro take tadawa, ba tunani ba. Ɗalibi zai kwafe duk abin da ka rubuta, harafi da harafi, ba tare da ya tambayi kansa ko ya gane ba. Kuma kuɗi ce mai saurin faɗuwa: in ka faɗe ta sau uku a zango ɗaya, ta huɗu ba mai ɗago kai. Ni sau ɗaya nake kashe ta, a sati biyu na ƙarshe, kuma ba a matsayin barazana ba. Nakan rubuta tambayar baran a allo in ce, "Minti biyu, kowa ya gwada, ba maki, ba mai karɓa." A haka ta tashi daga tsoratarwa ta koma aiki.

Ta biyu ita ce ka faɗi gaskiyar halin da ake ciki, ka ɗaura alkawari a kai. Misali: "Na san tun safe kuke nan, ga zafi. Abu ɗaya tak zan koya muku yau. Ƙarfe biyar da rabi daidai za mu tashi." Wannan tana da wurinta, kuma wurin nata takamaimai ne. Akwai ranar da matsalar aji ba barci ba ce, hankalinsu ne yake waje: mai zuwa Sabon Gari ko Tudun Wada yana lissafin layin bas da kuɗin keke, matar aure tana tunanin girki da ɗauko yara daga Islamiyya, a watan azumi kuwa kowa yana ƙirga abin da ya rage a sha ruwa. Mutumin da bai san yaushe za a sake shi ba, agogo yake kallo. Da ka yanke masa lokaci, ka sauke masa wannan nauyin, sai ya iya ba ka abin da ya rage na hankalinsa.

Haɗarinta biyu ne, kuma na faɗa cikin duka. Idan ka tsawaita jajen, ka shiga "ku yi haƙuri, ni ma ba da son raina ba, haka aka tsara jadawalin", ka ba su lasisin barci da bakinka, ka kuma nuna musu kai ma ba ka son zaman. Jimla ɗaya ta isa, ba ban haƙuri a cikinta. Na biyu, alkawarin bashi ne. Na taɓa cewa biyar da rabi na kai shida saura minti goma, don ina so in ƙarasa wani misali. Ba wanda ya ce uffan. Sati na gaba da na sake yanka lokaci, sai na ji wani guntun gunaguni ya ratsa layukan baya, irin na mutanen da suka riga suka san ƙarshen zancen. Sai da na yi sati uku ina ajiye alƙalamin allo a tsakiyar jimla idan lokaci ya cika kafin maganata ta sake yin daraja. Abin lura kuma, wannan hanya share fage ce kawai, ba ta shigar da kowa cikin darasi. Dole wani abu ya biyo ta.

Sauran biyun su ne ainihin zaɓin, kuma a kansu muka fi daɗewa da ƙanen nawa: labari, ko tambayar da za ta sa kowa ya yi hasashe.

Labarin da ya dace da wannan lacca na gaske ne. Ga yadda nake buɗe shi, daga tsakiya, ba shimfiɗa: "A 1999 wata kotu a Ingila ta yanke wa wata lauya ɗaurin rai da rai bisa zargin kashe jariranta biyu. Wani babban likita ya gaya wa kotun cewa yiwuwar yara biyu su yi mutuwar farat ɗaya a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Lissafin da ya yi, layi ɗaya ne, kuma kuskure ne. Kafin mu tashi yau, ku da kanku za ku nuna mini inda ya kuskure."

Matar ita ce Sally Clark, likitan kuma Roy Meadow. Ya ɗauki ƙiyasin ɗaya cikin 8,543 na mutuwar jariri ɗaya a irin wannan iyali, ya ninka shi da kansa, ya sami kusan miliyan 73. Ninkawar tana halatta ne kawai idan mutuwar farko ba ta da alaƙa da ta biyu, alhali 'yan uwa ciki ɗaya sun haɗa gado da muhalli, abin da ya kashe na farko yana iya zama shi ke jiran na biyu. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta soki lissafin a 2001, aka saki matar a 2003 bayan an gano wani sakamakon gwajin asibiti da ba a nuna wa kotu ba, ta rasu a 2007. Ka ga labarin ba ado ba ne. Shi ne darasin kansa, sharaɗin ƙa'idar ninkawa sanye da rigar mutane. Wannan shi ya raba shi da labaran da Harp da Mayer suka yi gargaɗi a kansu, kuma shi ne ma'aunin da nake auna kowane labari da shi: in na cire shi, darasin zai rasa wani abu? In ba zai rasa ba, hira ce.

Ka lura da jimlar ƙarshe ta buɗewar, inda na riƙe amsar. George Loewenstein ya yi bayani a 1994 cewa son sani yakan taso ne idan mutum ya hango giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake so ya sani. Wanda bai san komai ba a kan abu ba ya jin ƙaiƙayin, wanda aka gaya wa duka ma haka. Idan ka ba da labarin har ƙarshe a minti biyun farko, ka cike giɓin da hannunka.

Ƙarfin labari shi ne yana zama a rai. Na haɗu da tsohuwar ɗalibata a wani asibiti bayan shekaru, ba ta tuna sunan kwas ɗin ba, amma ta tuna matar da aka ɗaure saboda an ninka abin da bai kamata a ninka ba. Rauninsa kuwa a lacca ta bayan la'asar yake fitowa. Da farko, mai sauraron labari a zaune yake, ba abin da aka nema daga gare shi, kuma kada mu manta tatsuniya da dare ake yin ta, yara suna gyangyaɗi. Mutumin da zafi da yunwa suka kwantar zai iya jin daɗin muryarka ya ƙara nutsewa. Sannan labari yana buƙatar kunne daga farko. Ƙarfe huɗu a Zariya lokacin sallar la'asar ne, ɗalibai sukan yi ta shigowa ɗaya-ɗaya har huɗu da kwata, wanda ya shigo a tsakiya ba zai kama zaren ba, sai ya tambayi na kusa da shi, surutu ya tashi. In kuma aka ɗauke wuta lasifika ta mutu, daga layi na goma zuwa baya bakinka kawai suke gani yana motsi. Akwai kuma nauyin wannan labarin musamman. A cikin mutum ɗari uku, da wuya a rasa wadda ta binne jariri. Ina faɗinsa a taƙaice, da murya a kwance, ba na kwaikwayon kowa, ba na kuma shiga bayanin yadda yaran suka rasu.

Yanzu ga ta huɗu, wadda na ba ƙanen nawa shawarar ya riƙe a matsayin makaminsa na kullum. Kafin ka yi magana, ka rubuta a allo da manyan haruffa yadda na baya zai gani: Mutum nawa za a tara a ɗaki kafin ya zama an fi kyautata zaton biyu daga cikinsu sun haɗa ranar haihuwa? A ƙasa ka jera amsoshi huɗu masu lamba: 23, 57, 183, 366. Bayan sallama sai ka ce, "Kowa ya zaɓi ɗaya ya rubuta a gefen littafinsa. Kada ka yi lissafi, abin da zuciyarka ta ba ka. Daƙiƙa talatin."

Sai ka yi shiru da gaske. A nan sabon malami yake karaya. Mary Budd Rowe ta auna tun farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne bayan tambaya kafin su amsa da kansu ko su wuce, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi sukan ƙaru, su kuma yi tsawo. A gaban mutum ɗari uku daƙiƙa talatin kamar shekara take. Ka dubi agogonka, ka taka zuwa tsakiyar zauren, kada ka cike shirun.

Wajen karɓar amsa, kada ka ce "wa zai gaya mana?" Yara biyar ɗin nan na layin gaba su za su ɗaga hannu, sauran su koma 'yan kallo. Kada kuma ka ce masu 23 su ɗaga hannu, sannan masu 57, don kowa zai saci kallon gwanin ajin ya bi shi. Abin da nake yi shi ne: "In na ƙirga uku, kowa ya ɗora yatsu a ƙirjinsa, ɗaya zuwa huɗu, lambar amsarsa." Kai kana ganin kowa, su ba sa ganin juna sosai, mai kunya ma ba ta da abin jin nauyi. A duk shekarun da na yi wannan, yatsu uku ne suke rinjaye, wato 183, don rabin 365 ke nan, hankali yana kwanciya da shi.

Amsar 23 ce. Da ka faɗa za ka ji zauren ya ɗauki "kai!" da "haba malam!", kuma wannan hayaniyar daban take da ta dariya, don musu ne a kan darasi. Wanda ya rubuta 183 da hannunsa yana da abin karewa yanzu, yana so ya ga ta inda za ka fita. Daga nan laccar ta buɗe da kanta. Ka juya tambayar: mene ne yiwuwar a ce ba wanda ya haɗa da wani? Mutum na biyu yana da kwana 364 cikin 365 da zai kauce wa na farko, na uku yana da 363, haka har na ashirin da uku mai 343. Ka ninka su duka:

365/365 × 364/365 × 363/365 × … × 343/365 ≈ 0.493

Abin da ya rage, kusan kashi 50.7 cikin ɗari, shi ne yiwuwar a sami haɗuwa. Dalilin da ya sa zuciya take ruɗin mutum shi ne kowa kansa yake sawa a tsakiya, yana tambayar wa ya haɗa da ni. Tambayar kuwa kowane biyu ne, kuma a cikin mutum 23 akwai haɗin biyu-biyu har 23 × 22 ÷ 2, wato 253. Ka ga ƙa'idar ninkawa ta shigo ba tare da ka ce "ku rubuta ma'ana" ba. Lamba 57 da na sa a jerin ma ba ta banza ba ce, a nan ne yiwuwar take kaiwa kashi 99.

Wannan salo ba ni na ƙirƙiro shi ba. Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Harvard, ya gina koyarwarsa a kai tun farkon shekarun 1990. Wani bincike da shi da abokan aikinsa suka buga a 2004 ya nuna cewa ɗaliban da suka kalli gwaji a aji kawai ba su fi waɗanda ba su gani ba da wani abin kirki, amma waɗanda aka sa su yi hasashen sakamako kafin su gani sun fi ganewa. Shi Mazur yakan sa ɗalibai su juya su shawo kan maƙwabcinsu bayan zaɓen farko. Ni a wannan tambayar ba na yin haka, don muhawarar maƙwabta tana amfani ne idan masu amsa daidai suna da ɗan yawa. Idan kusan kowa 183 ya zaɓa, juna kawai za su ƙara wa ƙarfin gwiwa a kan kuskure.

Dubi yadda take tsallake ramukan da labari yake faɗawa. Wanda ya makara ya tarar da tambayar a allo, ya karanta ya shiga sahu ba tare da ya tambayi kowa ba. In ba wuta, allo da yatsu ba ruwansu da lasifika. Kuma ta nemi kowa ya motsa hannu ya yanke hukunci, wanda shi ne maganin gyangyaɗin yamma. Wannan gyangyaɗin, a sani, ba laifin tuwon rana ba ne kaɗai, agogon jikin ɗan Adam yana da wani lafawa da tsakar rana ko an ci ko ba a ci ba, shi ya sa mai azumi ma yake jin sa. Ba rashin tarbiyya ba ne, faɗa kuma ba ya korar sa.

Amma ita ma tana da nata tarkon, kuma zan faɗi nawa. Shekarar farko, don in burge, na ce bari mu gwada a nan take. Na ƙirga mutum 23 daidai a layi biyun gaba, kowa ya faɗi rana da wata. Ba a sami haɗuwa ko ɗaya ba. Ni da nake koyar da yiwuwa na mance cewa kashi 50 yana nufin rabin lokaci zan sha ƙasa. Aji ya fashe da dariya, wani daga baya ya ce, "Malam, a dawo mana da 183 ɗinmu." In za ka gwada, ɗauki mutum 50, inda yiwuwar ta kai kashi 97, kuma ka faɗa tun farko cewa ba tabbas ba ne.

Shekara ta biyu na ɗauki hamsin ɗin, sai wata matsalar ta fito, wadda littattafan waje ba su san da ita ba. Kafin a kai mutum na goma sha biyu, uku sun ce ɗaya ga Janairu. A wajenmu akwai ɗalibai da yawa da ba a rubuta haihuwarsu ba, sai da aka zo cike fom aka je kotu aka yi takardar rantsuwa, aka zaɓi ranar da ta fi sauƙi. Na ga ɗayansu ya sunkuyar da kai, na gane na taɓo abin da ban yi niyya ba. Ta fuskar darasi abin ya yi amfani, don lissafin ya ɗauka cewa duk ranakun shekara daidai suke, kuma duk inda ranaku suka taru wuri ɗaya haɗuwa takan ƙara sauƙi. Amma ban ga dalilin tona asirin yaro don misali ba. Tun daga nan tambayar allo tana nan yadda take, gwajin kuwa da lambobi biyu na ƙarshen lambar waya nake yin sa. Daga 00 zuwa 99 gida ɗari ne, mutum 13 sun isa yiwuwar ta haura rabi, mutum 25 kuma su kai ta kusan kashi 96. Ya fi sauri, ba wanda yake jin kunya, kuma ya zama aikin gida mai kyau: su sake lissafin da 100 a madadin 365.

Tarko na ƙarshe shi ne shiri. Tambayar kirki ba ta zuwa a kan hanyar shiga aji. Sai amsar kuskure ta zama mai jan hankali, wadda mai hankali zai zaɓa, sai kuma warware ta ya bi ta cikin darasin ranar. In ta yi sauƙi sun raina ta, in kuma kacici-kacici ce da ba ta haɗu da darasi ba, barkwanci ce da ta sa babbar riga. Nakan ɓata rabin awa a kan tambaya ɗaya, kuma mafi kyawunsu daga takardun jarrabawar da na yi maki nake samo su, inda na ga ɗalibai da yawa sun faɗa rami ɗaya. Malamin shari'a zai iya kawo gajeriyar ƙara ya ce wa zai ci, malamin aikin gona ya kawo buhun taki biyu da lambobinsu ya ce wanne ya fi araha a kan abin da shuka take buƙata.

Ƙanen nawa ya ce, "To ranka ya daɗe, ke nan kullum tambaya?"

Na ce ya tsaya a bakin ƙofa daƙiƙa goma ya karanta ajin tukuna. In kawuna ne a kife, ana hamma, jiki ne ya gaji, tambaya da yatsu ita ce magani, labari zai ƙara lallaɓa su. In idanu a buɗe suke amma ana surutu, ana duba waya, jakunkuna a kan cinya, hankali ne yake waje, sai ya fara da yanka lokaci a jimla ɗaya, ya bi ta da tambayar. In kuwa shiru ne mai nauyi, irin na waɗanda suka fito daga tes mai zafi ko awa biyu ta lissafi, kada ya ɗora musu wani zaɓin amsa, za su ji kamar wata jarrabawar ce. Ranar labari ke nan, bayan ya bari zauren ya cika. Na kuma gaya masa kada ya dogara da buɗewa ta kai shi ƙarshen awa biyu. Maganar da ake yawan yi cewa hankalin ɗalibi minti goma zuwa sha biyar yake ɗauka sannan ya faɗi, Karen Wilson da James Korn sun bi diddiginta a 2007 ba su sami ƙwaƙƙwarar hujja ba. Abin da Diane Bunce da abokan aikinta suka gani a azuzuwan kimiyyar sinadarai a 2010 shi ne hankali yana fita yana dawowa a gajerun lokuta tun daga farkon lacca, kuma fitar takan ragu lokacin tambaya ko gwaji, har ma da ɗan lokacin da ya biyo baya. Don haka ya ajiye labarin Sally Clark zuwa ƙarfe biyar, lokacin da sun riga sun iya ninkawa, ya buɗe rabi na biyu da shi.

Ranar Alhamis ya leƙo ofis da alƙalamin allo har yanzu a aljihun rigarsa. Ya ce yatsu uku sun cika zauren kamar yadda na faɗa, kuma a gwajin lambar waya mutum na tara da na huɗu suka haɗu a kan 47. Abin da ya dame shi ɗaya ne: shirun daƙiƙa talatin ɗin, a sha biyu ya karaya ya fara bayani.